Fashin baƙi: Riba a takarda, asusu wayam, ko yadda ake raba uwar kuɗi da kuɗin ruwa a kasafin ƙungiya

Wata ranar Asabar da hantsi aka kira ni zaman wata ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa a nan Daura. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ƙamshin tunkuza ya cika ko'ina, injin da suka saya da rancen banki yana can ƙarƙashin rumfar kwano an lulluɓe shi da buhu. Ma'ajin ƙungiyar ta ajiye mini littattafai biyu. Ɗaya nata ne, mai bangon kwali, wanda take rubuta duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita. Ɗayan kuwa rahoton ƙarshen shekara ne da wani matashi mai ilimin akanta ya haɗa musu. Littafinta ya ce shekara ta ƙare da giɓi. Rahoton matashin ya ce an ci ribar sama da Naira miliyan ɗaya.

Shugabar ƙungiyar, dattijuwa mai hankali, ta dube ni ta ce, "Malam, ka gaya mana gaskiya tsakaninka da Allah. Idan an ci riba, ina kuɗin? Idan kuma ba a ci ba, me ya sa yaron nan ya rubuta?"

Na ce, "Hajiya, ku kwantar da hankalinku, babu wanda ya ci kuɗin kowa. Littattafan nan biyu duk gaskiya suka faɗa, tambayar da kowanne yake amsawa ce daban."

Abin da na yi musu bayani ran nan shi nake so in warware a nan, domin na sha ganin wannan ruɗani ya raba kan ƙungiya, ya sa an zargi ma'aji mai amana da sata. Na daidaita alƙaluman kaɗan don lissafin ya yi sauƙin bi, amma tsarin shi ne.

Ƙungiyar ta karɓi rancen Naira 6,000,000 ta sayi injin matsar mai. Sharaɗin bankin shi ne a biya cikin wata 24, da ruwa kashi 24 cikin ɗari a shekara, wato kashi 2 cikin ɗari a wata, kuma ana lissafa ruwan a kan abin da ya rage na bashin. Kowane ƙarshen wata banki yana cire Naira 317,227 daga asusunsu. Saƙon da ke shigowa waya adadi ɗaya yake nunawa, shi ya sa kowa yake ɗaukarsa abu ɗaya. Amma a cikinsa akwai abu biyu da ba su da dangi.

Na farko uwar kuɗi ce, wato mayar wa banki kuɗinsa da ya ba ku. Idan maƙwabciya ta ara miki tukunya kika mayar mata, ba ki yi asarar tukunya ba, domin tun farko ba taki ba ce. Ranar da miliyan shidan nan ta shiga asusun ƙungiya, ƙungiyar ba ta ƙara arziki ko da kwabo ba: kuɗi sun shigo, bashi daidai da su ya hau wuya. Haka nan ranar da ake mayarwa ba a rage arziki ba: kuɗi sun fita, bashi daidai da su ya sauka. Na biyu shi ne kuɗin ruwa, ladan da banki yake karɓa saboda kuɗinsa sun kwana a hannunku. Wannan kam ya tafi ke nan, bai rage bashi ba, bai dawo ba. Shi ne yake zama cikin sahun dizal da haya da albashin mai tuƙa inji, abubuwan da aka kashe don sana'a ta gudana.

To yaya ake sanin nawa ne na uwa, nawa ne na ruwa, a cikin Naira 317,227? A watan farko ana bin ku miliyan shida cur. Kashi 2 cikin ɗari na miliyan shida Naira 120,000 ne, ruwan wannan wata ke nan. Abin da ya rage, Naira 197,227, shi ne ya tafi rage bashi, sai bashin ya koma Naira 5,802,773. A wata na biyu ba a kan miliyan shida za a lissafa ruwa ba, a kan wannan ragowar ce, sai ruwan ya zama Naira 116,055, uwar kuɗi kuma ta ƙaru zuwa Naira 201,172. A wata na uku ruwa Naira 112,032, uwa Naira 205,195. Haka za a yi ta tafiya, adadin da ake cirewa bai canza ba, amma cikinsa yana juyawa, ruwa yana ƙanƙancewa, uwa tana girma. A wata na 24 ruwan bai wuce Naira 6,220 ba, sauran duk uwar kuɗi ce.

Wannan jerin shi ake kira jadawalin biya, kuma haƙƙinku ne banki ya ba ku shi a rubuce kafin ku sa hannu. Wanda ke da kwamfuta yana iya fitar da shi da kansa a Excel. Layi na farko yana ba da abin da za a biya kowane wata, na biyu ruwan watan farko, na uku uwar kuɗin watan farko; a canza 1 zuwa lambar watan da ake so.

```
=PMT(0.02,24,-6000000)
=IPMT(0.02,1,24,-6000000)
=PPMT(0.02,1,24,-6000000)
```

Wanda ba shi da kwamfuta kuma kalkuletar waya da takarda mai layi 24 sun ishe shi, yadda muka yi a kan tabarma ran nan.

Da aka haɗa watanni goma sha biyun farko, ƙungiyar ta biya banki kimanin Naira 3,806,720. A ciki, Naira 1,161,500 ruwa ne, Naira 2,645,220 uwar kuɗi. Bashin da ya rage a ƙarshen shekara Naira 3,354,780. A riƙe waɗannan alƙaluma uku, domin a kansu duk rigimar ta tsaya.

Yanzu ga sana'ar kanta. A shekarar sun sayar da mai da ƙuli da tunkuza, sun kuma matse wa mutanen unguwa gyaɗa a kan lada, jimilla Naira 14,400,000. Sun kashe Naira 10,600,000 a kan sayen gyaɗa, dizal, jarkoki, haya, albashi da gyaran inji. Abin da sana'ar ta bari kafin a taɓa maganar banki Naira 3,800,000 ke nan. Akwai kuma Naira 60,000 da bankin ya cire tun ranar ba da rance a matsayin kuɗin gudanarwa, kashi 1 cikin ɗari. Ƙa'idar cajin bankuna ta Babban Bankin Nijeriya ta taƙaita wannan kuɗi a kashi 1, kuma sau ɗaya ake karɓarsa. Shi ma kashewa ne, ba ya rage bashi.

Ma'aji ta bi kuɗi da ido. Naira 3,800,000 sun rage, an ba banki 3,806,720, an cire 60,000, saboda haka akwai giɓin Naira 66,720, wanda sai da aka taɓa kuɗin adashin 'yan ƙungiya aka cike. Lissafinta daidai ne.

Matashin akanta kuwa riba yake nema. Daga Naira 3,800,000 ya cire ruwa 1,161,500, ya cire 60,000, sannan ya cire wani abu da babu shi a littafin ma'aji sam, wato tsufan inji. An ƙiyasta injin zai yi shekara biyar yana aiki, don haka kowace shekara ana ɗaukar ya ci kashi ɗaya cikin biyar na darajarsa, Naira 1,200,000. Babu wanda aka miƙa wa wannan kuɗi, amma injin da ya yi shekara yana murza gyaɗa ba zai sayu a farashin sabo ba, kuma wata rana dole a maye gurbinsa. Bayan an cire waɗannan uku, riba ta tsaya a Naira 1,378,500. Bai cire uwar kuɗi ba, kuma daidai ya yi, domin mayar da aro ba kashewa ba ne.

Abin da ya kwantar da hankalin mata ran nan shi ne da muka haɗa littattafan biyu suka hau kan juna. A ɗauki ribar, Naira 1,378,500. A mayar mata da tsufan inji, 1,200,000, tunda kuɗin bai fita daga asusu ba. An samu 2,578,500. A cire uwar kuɗin da aka biya, 2,645,220, tunda ita ta fita daga asusu ko da yake ba ta shiga lissafin riba ba. Me ya rage? Giɓin Naira 66,720, daidai da na littafin ma'aji, ba ƙari ba ragi. Ma'ajin ta sa gefen mayafi ta share ido, domin ta yi makonni tana jin ana ƙus-ƙus a kanta.

Shugaba ta ce, "Wato ribar tamu tana cikin injin."

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Hajiya. Bara injin nan duk na banki ne. Bana darajarsa a littafi Naira 4,800,000, ana bin ku 3,354,780, abin da ke tsakani naku ne. Ribar ba ta ɓata ba, amma ba kuɗi ba ce da za a raba a zane."

Nan ne nake ganin haɗari mafi girma, kuma shi ya sa nake dagewa a kan wannan magana. Da an bi rahoton riba kawai, da an yanke shawarar raba wa 'yan ƙungiya ko da rabin ribar nan kafin Sallah. Daga ina za a ɗauko? Daga kuɗin sayen gyaɗar kaka mai zuwa, ko daga kuɗin da banki zai cira a ƙarshen wata. Ƙungiya tana iya cin riba shekara biyu a jere ta kuma kasa biyan bashi, kuma ba wani abin mamaki ba ne. Hasali ma a shekara ta biyu abin zai fi ruɗarwa. Idan ciniki bai canza ba, ruwa zai sauko zuwa Naira 451,940, babu kuma kuɗin gudanarwa, sai riba ta tashi zuwa Naira 2,148,060. Kowa zai yi murna. Amma uwar kuɗin da za a biya ta haura zuwa 3,354,780, abin da banki ke cirewa bai ragu da sisi ba, asusu kuma zai sake ƙarewa da ɗan giɓi na Naira 6,720. Sai a shekara ta uku, bayan an sauke bashin, Naira 3,800,000 za su zauna a hannu.

Kuskuren da ke ɗaya ɓangaren shi ma ina ganinsa, musamman a makarantun kuɗi da ƙananan ƙungiyoyi. Sai a zuba dukan abin da aka biya banki cikin jerin kashe-kashe da sunan "biyan bashi", sannan a ƙara tsufan inji a kai. Da an yi wa matan nan haka, da takarda ta nuna asarar Naira 1,266,720. An caji sana'ar kuɗin inji sau biyu ke nan, sau ɗaya ta hanyar uwar kuɗi, sau ɗaya ta hanyar tsufa. Sana'a mai lafiya sai ta fito kamar mai jinya, 'yan ƙungiya su karaya, wasu su janye jarinsu, ko a ƙara farashin mai ba gaira ba dalili har masu saye su koma wani wuri. Idan kuma kamfani ne mai biyan haraji, jami'in haraji zai amince da ruwan rancen sana'a a matsayin kashewa, amma zai fitar da uwar kuɗi daga jerin, ya sake lissafi. Akwai kuma masu rubuta rancen kansa a layin kuɗin shiga, kusa da ciniki, sai shekarar farko ta nuna an samu sama da miliyan ashirin. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani: abin da za a mayar ba samu ba ne.

Saboda haka kasafin ƙungiyar da ke da bashi a wuya shafi biyu yake buƙata, da ɗan jadawali a gefe. Shafin farko na riba da asara ne. A nan ake sa ciniki, kashe-kashen yau da kullum, tsufan kayan aiki, ruwa da cajin banki. Rance ba ya shiga, uwar kuɗi ba ta shiga, farashin sayen inji ma ba ya shiga gaba ɗaya, sai kason tsufansa. Shafi na biyu na shiga da fitar kuɗi ne. A nan rance yana shiga ranar da aka karɓa, sayen inji yana fita ranar da aka biya, ruwa da uwar kuɗi kowanne yana da layinsa, tsufan inji kuwa ba ya leƙowa ko kaɗan. Ruwa da cajin banki ne kaɗai a cikin maganar bashin suke bayyana a shafukan biyu. Jadawalin gefe kuma layi huɗu ne: bashin farkon shekara, sabon rancen da aka karɓa, uwar kuɗin da aka biya, bashin ƙarshen shekara. Adadin layi na huɗu dole ya yi daidai da abin da takardar banki ta nuna. Idan ya saɓa, to an raba wani wata ba daidai ba, ko an yi jinkiri banki ya ɗora tara ba a rubuta ba, ko an canza ruwa ba a lura ba. Wannan gwaji ba ya cin minti goma, kuma shi ne nake fara yi duk inda aka kira ni.

Shafi na biyun nan kada a yi shi na shekara dunƙule, a yi shi wata-wata. Banki bai san damina ba, bai san kaka ba, adadinsa ɗaya ne daga Janairu zuwa Disamba. Sana'ar gyaɗa kuwa tana da lokacinta. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, gyaɗa take araha, a lokacin ne mai hankali yake zuba kuɗi ya cika ɗaki da buhuna. Wato watannin da suka fi buƙatar kuɗi a hannu su ne kuma banki yake jiran Naira 317,227 ɗinsa sau uku, kusan Naira 951,700. Da azumi da Sallah ciniki yana buɗewa, da tsakiyar damina kuma gyaɗa ta yi tsada, aiki ya ja baya. Jimillar shekara tana iya nuna giɓin dubu sittin kacal, alhali a watan Nuwamba kaɗai ramin ya fi haka nesa ba kusa ba. Idan aka ga ramin tun a takarda, ana iya tara kuɗin banki na kaka tun daga cinikin Sallah, ko a nemi banki tun farko ya tsara biyan yadda ya dace da lokacin sana'a. Idan ba a gani ba sai ranar cirewa, tara ce za ta hau, kuma ƙa'idar Babban Banki ta yarda a ɗora har kashi 1 cikin ɗari a wata a kan abin da aka kasa biya, ban da ruwan da ke gudana.

Da a ce an kira ni kafin a sa hannu, ga tambayar da zan fara yi: abin da sana'a take bari a shekara, sau nawa ya ninka abin da banki zai karɓa a shekara, uwa da ruwa a haɗe? A nan 3,800,000 ne a kan 3,806,720, wato ko sau ɗaya bai cika ba. Ba a bar wurin numfashi ba. Bel ɗin inji ya tsinke, ko dizal ya tashi, shi ke nan an shiga uku. Ni ba na samun natsuwa sai na ga abin da sana'a ke bari ya fi na banki da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu. Hanya biyu ce a gabansu a lokacin. Ko su nemi wata 36 maimakon 24, biyan wata ya sauko zuwa Naira 235,397, a riƙa samun rarar kusan Naira 975,000 a shekara, amma jimillar ruwa ta tashi daga kimanin 1,613,440 zuwa 2,474,290. Ko kuma 'yan ƙungiya su haɗa miliyan ɗaya da rabi daga aljihunsu a ranto miliyan huɗu da rabi kawai a wata 24, biyan wata ya zama Naira 237,920, ruwa duka ya tsaya a kimanin 1,210,080. Nauyin wata kusan ɗaya ne a hanyoyin biyu, amma ta biyu ta fi ta farko sauƙin ruwa da fiye da miliyan ɗaya, kuma ana gamawa shekara guda kafin ta. Da ni ne, ta biyu zan ba da shawara, ko da za a jinkirta sayen injin wata shida ana tara kuɗin. Abin lura shi ne tsawaita lokaci yana rage riba a shafin farko amma yana sassauta shafi na biyu. Wanda ya cakuɗa shafukan ba zai ma ga cewa akwai zaɓi ba.

Akwai abubuwa uku a takardar tayin rance da ke sauya rabon nan, kuma a kansu ake yawan faɗawa rami. Na farko shi ne ko ruwan a kan ragowa ake lissafa shi ko kuwa filat ne. Da bankin ya ce kashi 2 a wata filat, da kowane wata ruwan Naira 120,000 ne har ƙarshe, kamar ba a taɓa rage bashin ba. Jimillarsa Naira 2,880,000, biyan wata kuma 370,000. A baki duk "kashi biyu" ne, a aljihu bambancin ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ƙananan masu ba da lamuni sun fi amfani da filat, don haka a tambaya da baki, a kuma duba jadawali: idan layin ruwa bai sauka daga wata zuwa wata ba, filat ne.

Na biyu shi ne hutun biya da ake bayarwa a farko, kafin inji ya fara aiki. Mutane suna jin "wata uku ba biya" sai su bar watannin fanko a kasafi. Galibi uwar kuɗi ce aka ɗaga, ruwa yana nan yana gudana. Ko dai a biya Naira 120,000 kowane wata, ko a tara shi a kan bashin ya koma Naira 6,367,248 kafin a fara. Ko ba a biya ba, ruwan waɗannan watanni kashewa ne na waɗannan watanni, a shafin riba da asara za a rubuta shi.

Na uku shi ne jimlar da ke cewa banki yana iya sauya ruwa idan yanayin kasuwa ya sauya. Ba ado ba ce. A shekarar 2024 Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga ma'aunin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma suka bi sahu. Da an ƙara wa matan nan daga kashi 2 zuwa 2.5 a wata a farkon shekara ta biyu, ruwan watan zai tashi daga kimanin Naira 67,100 zuwa 83,870. Jimillar uwar kuɗin da ake bin ku ba ta canzawa da irin wannan, ruwa ne ke ƙaruwa, kuma idan yana zaune shi kaɗai a kasafi, gyara shi aikin minti biyar ne.

Na san mai karatu a Daura ko Katsina tun ɗazu yana da magana a ransa, kuma maganar tana da nauyi: kuɗin ruwa haramun ne a Musulunci, kuma ƙungiyoyi da yawa ba za su kusance shi ba. A zaman nan ma wata baiwar Allah ta tashe ta, aka kuma yi shawarar cewa in an sauke wannan ba za a sake irinsa ba. Hanya tana nan. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 a matsayin bankin farko marar ruwa a ƙasar nan, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Sai dai kada a ɗauka cewa barin ruwa ya ɗauke wa ma'aji aikin rabawa. A tsarin murabaha banki ne yake sayen injin, ya mallake shi, sannan ya sayar muku da ribar da aka bayyana, ku biya kaɗan-kaɗan. A ce ya saya a miliyan shida ya sayar muku a Naira 7,500,000 cikin wata 24, wato Naira 312,500 a wata. Ciniki ne ba rance ba, hukuncinsa a shari'a daban. Amma a littafi injin yana shiga da farashinsa na kuɗi hannu, miliyan shida, a kansa ake lissafa tsufa. Miliyan ɗaya da rabin da ke sama ribar banki ce, ita ce kashewar da za a rarraba a kan watannin biya. Idan an raba daidai-wa-daida, kowane wata Naira 62,500 tana zuwa shafin riba da asara, Naira 250,000 tana rage bashin farashin inji. Wani bankin jadawalinsa yana ɗora kaso mafi yawa na ribar a watannin farko, don haka a karɓi jadawalin a bi shi, domin littafinku da nasu su riƙa haɗuwa.

Murabaha tana da sauƙi guda ga mai kasafi: da zarar an ƙulla ciniki farashin ya zauna, ko Babban Banki ya ɗaga ma'auninsa ko ya sauke. Tana kuma da abin lura guda. A rancen da ake lissafa ruwa kan ragowa, wanda ya biya da wuri ya tsira daga ruwan watannin da suka rage, sai dai in takarda ta sa cajin biyan wuri. A murabaha kuwa bashin shi ne dukan farashin da aka amince, rangwamen biyan wuri kuma yana hannun banki. Kada a rubuta shi a kasafi kamar kuɗin da aka riga aka samu. Rancen alheri kuma, irin wanda wani mai hali ko asusun masallaci zai ba ƙungiya ba tare da ƙarin komai ba, ba ya taɓa shafin riba da asara ko sau ɗaya. Shi ya sa ake mantawa da shi har ranar da mai kuɗi ya aiko. Wurinsa shafi na biyu, da kwanan watan da aka yi alkawari.

Kafin a tashi ran nan, mun ja layi a littafin ma'aji mai bangon kwali. Inda take rubuta "banki" da adadi ɗaya, yanzu gida biyu ne, "uwa" da "ruwa", da gida na uku a gefe na ragowar bashi. Muka kwafe watanni goma sha biyun da suka rage daga jadawalin, muka liƙa takardar a cikin bangon littafin. Suka yanke cewa babu rabon riba bana. Daga cinikin azumi da Sallah za a riƙa ware Naira 80,000 kowane mako a wani asusu daban har mako goma sha biyu, Naira 960,000 ke nan, don biyan banki na Oktoba, Nuwamba da Disamba, yadda kuɗin sayen gyaɗa ba zai taɓu ba. Aka kuma ɗora wa ma'aji da matashin akanta su riƙa zama tare a makon farko na kowane wata, da takardar banki a gabansu, su tabbatar gida na uku ya yi daidai da abin da banki ya ce yana bi.